Ribar Sifili da Aljihu Cike: Tambayar da ke Kayar da 'Yan Jarrabawa

Wata ɗaliba da nake yi wa bitar darasin tattalin arziki kafin jarrabawar JAMB ta taɓa ajiye biro ta dube ni ta ce, "Malam, wannan amsar ba ta shiga hankalina. Umma ta yi shekara shida tana kiwon kajin ƙwai. In da ribar sifili ce, da me take biya mana kuɗin makaranta?"

Tambayar da ta tsayar da ita tana fitowa a JAMB da WAEC da NECO cikin riguna daban-daban, amma jikinta ɗaya ne: a kasuwar cikakkiyar gasa, idan lokaci ya yi tsawo har komai ya daidaita, wace irin riba kamfani yake samu? Amsar littafi ita ce rarar ribarsa sifili ce. Yarinyar ta zaɓi amsar da ke cewa kamfanin zai rufe, kuma ban ga laifinta ba, domin a Hausar kasuwa wanda bai ci riba ba ya faɗi ke nan, ko kuma ya yi wahalar banza. Matsalar tana cikin kalmar riba. Ɗan kasuwa da masanin tattalin arziki suna faɗinta, amma kowa da abin da yake nufi, kuma duk wanda ya rabe ma'anonin biyu ya gama da rabin tambayoyin wannan babi.

Sai na ce mata mu ajiye littafin mu buɗe lissafin gidan kajin nan, tun da ƙwai ya kusa cika sharuɗɗan da ake gindaya wa irin wannan kasuwa. Masu sayarwa suna da yawa, kowannensu ƙarami ne idan aka auna shi da kasuwar baki ɗaya. Kayan iri ɗaya ne: mai shayi da ya zo sayen kiret ba ya tambayar sunan kazar. Kowa ya san farashin yau, domin dillalai suna zagayawa, waya kuma tana hannun kowa. Babu wanda ke hana sabon mutum gina keji, babu kuma wanda ke hana tsohon mai kiwo sayar da kajinsa ya tafi. Sakamakon haka shi ne Hajiya ba ta yanka wa ƙwanta farashi. In kasuwa ta ce kiret naira 5,000, ta ce nata 5,300, dillali zai tada babur ya wuce gidan gaba. Kuma ba ta da dalilin ragewa, tun da duk abin da kajinta suka saka za ta sayar a kan 5,000. Wannan shi ne abin da ake rubutawa `P = MR = AR`, wato farashi, da kuɗin da kiret na ƙarshe ya shigo da shi, da matsakaicin abin da kowane kiret ke shigowa da shi, duk lamba ɗaya ce.

Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na daidaita su don lissafi ya tafi sumul. A ce tana da kaji 500, suna saka ƙwai 400 a rana. A wata ƙwai 12,000 ke nan, wato kiret 400, tun da kiret yana ɗaukar 30. A kan 5,000, cinikin wata ya kama naira miliyan 2. Abinci shi ne babban rami: kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana, don haka kaji 500 za su lashe buhu 72 mai kilo 25 a wata, a ce naira 1,300,000. Magani da rigakafi da ruwa da wuta da albashin yaron da ke sharar keji, 150,000. Sai abin da ya kamata ta riƙa warewa saboda kajin suna tsufa, kwano da raga suna lalacewa, shi ma 150,000. Jimilla 1,600,000. In ta cire daga miliyan 2, saura 400,000. Wannan ita ce ribar littafi, ita Hajiya take gani, ita kuma take faɗa wa maƙwabciyarta.

Masanin tattalin arziki ba ya rufe littafin a nan. Yana da sauran tambayoyi uku. Hajiya, da ba ki tsaya kan kajin nan ba, me za ki yi da yininki? Ta ce da tana koyarwa, ana ba ta 100,000 a wata. Filin da kejin yake fa? Da ta ba da shi haya, 30,000. Jarin da ta zuba, da ta sa shi a sayen hatsi da ajiyewa ko wata sana'a mai irin wannan haɗari? A ce 70,000 a wata. Waɗannan 200,000 ba wanda ta ƙirga wa su a hannu, amma ta rasa su saboda ta zaɓi kaji, don haka su ma kuɗin samar da ƙwai ne. Cikakken abin da ƙwan ya ci ya zama 1,800,000, wato 4,500 a kowane kiret. Wannan lamba ita ce `AC`. Rarar ribarta, wadda ake kira ribar tattalin arziki, 200,000 ce kawai, rabin abin da littafinta ya nuna.

Yanzu a kalli abin da wannan rara take haifarwa. Labari ba ya ɓuya a unguwa. Wani malamin makaranta zai yi lissafi ya ga kiwon kaji ya fi masa albashi, wani da ya karɓi kuɗin sallama daga aiki zai zagaye bayan gidansa da bulo, wani tsohon mai kiwo zai ƙara keji na biyu. Sai dai ƙwai ba ya fitowa washegari. Ɗan tsakon da aka kawo yau sai ya kai makonni 18 zuwa 20 kafin ya fara saka. A cikin waɗannan watanni yawan gidajen kaji masu ƙwai bai canja ba, Hajiya tana ci gaba da kwasar rararta. Wannan shi ake kira gajeren zango. Ranar da kajin sababbin shiga suka fara saka, kiret ya yi yawa a kasuwa, dillali ya fara taya ƙasa-ƙasa, farashi ya sauko 4,800, ya sauko 4,600. Muddin yana sama da 4,500, akwai sauran rara, kuma akwai sauran wanda zai shigo. Inda shigowar take tsayawa shi ne 4,500.

A wannan farashi cinikin Hajiya 1,800,000 ne. Ta biya abinci da magani da yaro, ta ware na tsufan kaji, hannunta ya rage da 200,000. Wannan kuɗi shi ne albashinta da hayar filinta da ladan jarinta, cif-cif. Ana kiransa ribar yau da kullum, wadda idan babu ita mutum ba zai zauna a sana'ar ba. Da shi ake biyan kuɗin makarantar da ɗalibar take tambaya. Abin da ya zama sifili shi ne ƙarin da ke bisa wannan. Hajiya ba ta da dalilin fita, domin duk inda ta je abin da za ta samu ke nan. Na waje ba shi da dalilin shigowa, domin abin da yake samu a inda yake ke nan. Kowa ya zauna inda yake, shi ya sa ake kiran wurin daidaito.

Hanyar fita ita ce ta fi ruɗa mutane, ba 'yan jarrabawa kaɗai ba, har masu sana'ar. A ce shigowar ta yi yawa farashi ya zarce zuwa 4,200. Ciniki 1,680,000, abin da aka biya 1,600,000, littafi ya nuna ribar 80,000. Hajiya za ta ce Alhamdulillahi, ba a faɗi ba. Amma ta bar albashi da haya da ladan jari na 200,000 don ta samu 80,000, wato tana faɗuwar 120,000 kowane wata ba tare da littafin ya gaya mata ba. Na sha ganin mutanen da suka daɗe a irin wannan hali suna mamakin yadda suke aiki ba hutu amma ba su gaba, kuma wannan ne ya sa nake ganin darasin ya wuce ɗakin jarrabawa.

Shin za ta rufe nan take? A'a, kuma hankali ne ya hana ta. Kajin suna nan, kejin yana tsaye. Abin da take iya kauce wa idan ta daina shi ne abinci da magani da sauran kuɗin yau da gobe, 1,450,000, wanda ya kama 3,625 a kiret, wato `AVC`. Muddin kiret yana kawo fiye da haka, ci gaba da kiwo yana rage mata asara. Fitar tana zuwa ne ranar da kajin suka tsufa, ƙwai ya ja baya, ta sayar da su ga masu nama lokacin Sallah ko ƙarshen shekara, sannan ta ƙi yin odar sababbin 'yan tsaki. Idan masu irin wannan shawara suka yi yawa, ƙwai ya ragu a kasuwa, farashi ya fara hawa, waɗanda suka rage su dawo kan 4,500.

A nan ne ake gane cewa dogon zango ba shi da adadin watanni. Shi ne duk tsawon lokacin da ake buƙata kafin komai ya zama abin da za a iya canjawa: girman keji, yawan kaji, har zaman mutum a sana'ar. Ga mai sayar da rake a baro yana iya zama mako ɗaya, ga mai kaji shekara ko fiye, ga mai gonar mangwaro shekaru. Alfred Marshall, malamin Cambridge, shi ne ya fi kowa fito da wannan rabe-raben lokaci a littafinsa na 1890. Tun kafin shi, a 1776, Adam Smith ya riga ya lura cewa farashin kasuwa yana hawa yana sauka ne a kewayen wani farashi da ya isa biyan lada da haya da ribar da aka saba. Don haka duk zaɓin jarrabawa da ya ce dogon zango shekara ɗaya ne ko biyar, ko ya ce kamfani yana biyan kuɗin da ba ya canjawa a dogon zango, a tsallake shi.

Saura abu ɗaya da ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun ga dalilinsa ba: me ya sa daidaiton yake faɗawa daidai kan mafi ƙanƙantar `AC`? Mu koma keji. Idan Hajiya tana fitar da kiret 300 kacal, yaron da kejin da lokacinta sun rabu a kan ƙwai kaɗan, kiret ya tsaya mata 4,800. A kiret 400, 4,500. Idan ta tura zuwa 500, kaji sun cunkushe, zafi ya ƙaru, suna tsattsagar juna, ƙwai yana fashewa, idonta ba ya kai wa ko'ina, kiret ya koma 4,700. Ko da ta faɗaɗa kejin, akwai girman da idan aka wuce shi kulawa take gagara. To a ce farashi ya tsaya a 4,700, kowa yana fitar da 500 ba rara. Mai wayo ɗaya zai rage zuwa 400, kiret ya tsaya masa 4,500, ya ci rarar 200 sau 400, wato 80,000. Wasu su gani su kwaikwaya, sababbi su shigo da wannan girman, farashi ya ci gaba da sauka. Ba inda zai huta sai ƙasan kwarin, inda babu wani girman gona da zai fi arha.

Lissafin nan yana nuna wani abu kuma. Daga kiret 300 zuwa 400 jimillar kuɗi ta tashi daga 1,440,000 zuwa 1,800,000, wato kowane ƙarin kiret ya ci 3,600, ƙasa da matsakaici, shi ya sa yake jawo matsakaicin ƙasa. Daga 400 zuwa 500 ta tashi zuwa 2,350,000, kowane ƙarin kiret ya ci 5,500, sama da matsakaici, sai ya ja shi sama. Kuɗin ƙarin kiret ɗaya shi ne `MC`, kuma dole ya ratsa `AC` a daidai ƙasan kwarin, kamar yadda sabon maki da ya fi matsakaicin ɗalibi yake ɗaga shi, wanda ya gaza shi kuma yake sauke shi. Shi ya sa sharaɗin ya haɗu a layi ɗaya:

```
P = MR = MC = AC
```

inda `AC` take a mafi ƙanƙantarta.

Da wannan a hannu, sai mu dubi yadda mai tsara tambaya yake ɗana tarko. Ga wata da na tsara da kaina a kan salon da aka saba. Wanne ne ya keɓanta ga daidaiton dogon zango na kamfani a cikakkiyar gasa? A, `P = MC`. B, `P` ya yi daidai da mafi ƙanƙantar `AVC`. C, `P` ya yi daidai da mafi ƙanƙantar `AC`. D, `P` ya fi `AC`.

D ita ce mafi sauƙin jefarwa: rara ce, rara kuma tana kiran sababbin shiga, don haka ba ta zama. B tana kama wanda ya haddace kalmar "mafi ƙanƙanta" bai riƙe ta me ba. Wannan shi ne bakin rufewa a gajeren zango, kusa da 3,625 ɗin Hajiya, wurin da take tafka asara mai yawa. A ita ce mai haɗari, domin gaskiya ce. Sai dai gaskiya ce a kowane lokaci: Hajiya tana daidaita farashi da kuɗin kiret na ƙarshe ko tana cin rara a 5,000, ko tana faɗuwa a 4,200. Wannan sharaɗi yana gaya mata kiret nawa za ta fitar, ba ya gaya wa kowa ko shiga da fita sun tsaya. C ce kaɗai ba ta tabbata sai bayan sun tsaya. Idan kuma aka samu zaɓin da ya haɗa duka huɗun a layi ɗaya, shi ne cikakke, shi za a ɗauka.

Wani tarkon yana zuwa ne ta sauya suna. Takarda ɗaya za ta rubuta ribar yau da kullum, wata ta rubuta rarar riba sifili, wata ta ce jimillar ciniki ta yi daidai da jimillar kuɗin samarwa, wata ta ce `AR = AC`. Duk abu ɗaya suke faɗa. Wanda ya saɓa musu shi ne zaɓin da ya ce ribar littafi sifili ce, domin mun ga Hajiya tana da 200,000 a littafinta a ranar da rararta ta ƙare. Akwai kuma tambayar da ke neman dalili: me ya sa rara ba ta ɗorewa? Za a jera yawan masu saye, da kamannin kaya, da sanin farashi, da 'yancin shiga da fita. Dukkansu siffofin kasuwar ne, amma na ƙarshen ne ke yin aikin. A toshe ƙofa da lasisi mai wuyar samu ko jari mai nauyin gaske, sai rara ta zauna shekara da shekaru, kamar yadda take zama wa mai kasuwa shi kaɗai.

Kada kuma ɗalibi ya ɗauka duk inda aka ga rarar sifili cikakkiyar gasa ce. A 1933 Edward Chamberlin a Amurka da Joan Robinson a Ingila, kowa a nasa littafin, suka yi bayanin kasuwannin da ke tsakanin cikakkiyar gasa da mallakar mutum ɗaya. Mai tsiren da yajinsa ya bambanta misali ne: yana iya ɗan ƙara kuɗi bai rasa dukan masu saye ba. A can ma shigowar sababbi tana cinye rara, amma farashi yana tsayawa sama da `MC`, kuma mai sana'ar bai kai ƙasan kwarin `AC` ba. Idan tambaya ta nemi bambancin kasuwannin biyu a dogon zango, kada a nemo shi a riba.

Na fi son tambayoyin da ke girgiza kasuwar su ce me zai biyo baya, domin a nan ake gane wanda ya fahimta. A ce gari yana shan kiret 40,000 a wata a kan 4,500. Kowane gida 400, gidajen kaji 100 ke nan. Gari ya bunƙasa, buƙata ta kai 60,000 a wannan farashin. Da farko kiret zai yi tsada, tsofaffin gidaje su ci rara, su ɗan ƙara kaji. A ƙarshe gidaje su zama 150, kowanne ya koma kan 400, farashi ya koma 4,500. Abin da ya ƙaru shi ne yawan gidaje. In kuwa abinci ne ya tashi daga 1,300,000 zuwa 1,500,000, `AC` ta zama 5,000, masu kiwo su sha asara, wasu su fita, har sai kiret ya kai 5,000. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga yadda tsadar masara da waken soya a 2023 da 2024 ta sa gidajen kaji da yawa a Najeriya suka rufe, kuɗin ƙwai kuma ya haura.

Wannan misali na masara yana nuna iyakar lissafin gidaje 150. An gina shi ne a kan cewa shigowar sababbi ba ta taɓa kuɗin abinci. Idan masu kiwo suka yi yawa har suka ɗaga farashin masara da dusa, `AC` ta kowa za ta hau, sabon daidaito ya zauna a farashin da ya fi na da, duk da cewa rarar ta sake komawa sifili. Jarrabawar sakandare takan ɗauka kuɗin bai motsa ba sai an faɗa, amma a jami'a ana tambayar wannan kai tsaye.

Ɗalibar ta kawo ƙorafi na ƙarshe, kuma shi ne mafi kyau. Ta ce akwai wani mai kiwo a unguwarsu da kajinsa ba sa mutuwa kamar na kowa, yana da rijiyar burtsatse a gida, yana haɗa abincinsa da kansa, kullum ya fi kowa samu. Ina sifilinsa? Na ce ta tambayi kanta nawa wani mai gona zai biya wannan mutum don ya zo ya riƙe masa gona, nawa kuma za a karɓi hayar fili mai ruwa irin nasa. Idan ƙwarewarsa ta kai 250,000 a wata a wajen wani, to 250,000 ne kuɗin lokacinsa, ba 100,000 irin na Hajiya ba. Ta ɗauki biro ta sa sabuwar lambar a cikin `AC` ɗinsa, ta ƙara hayar filin mai rijiya, ta sake ragewa daga cinikinsa, sai ta ga abin da take kira rararsa ya koma layin lada da haya.